Sharhi kan tsarin SBL na rubuta Ibrananci da boko: inda ya dace da bakin Bahaushe da inda ya kasa

Ƙungiyar nazarin Littafi Mai Tsarki da ake kira SBL tana da tsari biyu na mayar da haruffan Ibrananci 22 zuwa boko: na masana, da sassauƙa na kowa da kowa. Na yi aiki da duka biyun wajen shirya takardun karatu da Hausawa za su karanta da murya, kuma hukuncina shi ne sassauƙan ya fi, amma sai an yi masa gyara a wurare huɗu.

Na masanan ba ya ɗaukar dogon bayani. Ga farkon littafin Farawa da shi: bərēʾšît bārāʾ ʾĕlōhîm. Daidai yake ƙwarai, domin mai ilimi zai iya mayar da shi harafi da harafi zuwa Ibrananci. Sai dai Bahaushe bai saba ganin alama a kan wasali ba, tunda bokonmu ba ya nuna tsawon wasali, don haka ido yakan tsallake su gaba ɗaya. Mafi muni shi ne š, wanda ake karantawa s, sai kalmar ta fito "beresit". Ƙananan ƙugiyoyin alef da ayin kuwa, ʾ da ʿ, a allon waya ba mai bambanta su.

Ma'aunin da ya kamata a riƙe shi ne: idan mai karatu ya kuskure furuci, kuskuren ya tsaya a cikin harafi ɗaya na Ibrananci, ko ya tsallaka zuwa wani? Harafin bet yana da furuci biyu, b da v. Hausa ba ta da v, mai karatu zai ce b, amma bai fita daga bet ba, ma'ana ba ta canza ba. Haka p da f: f ɗinmu dama tana yawo tsakaninsu, kuma harafi ɗaya ne a Ibrananci. Haka k da kh na kaf, muddin an karanta kh ɗin k. Waɗannan uku a bar su yadda SBL ya sa, kada a ɓata lokacin aji a kansu.

Kuskuren da ke tsallakawa shi ne abin tsoro, kuma na farko yana kan waw. Idan aka rubuta shi v kamar yadda ake furtawa a Isra'ila yau, Bahaushe zai mayar da shi b, ya faɗa cikin bet. Ve, wato "da", sai ya koma be, wato "a cikin", kuma waɗannan ƙananan kalmomi biyu suna nan a kusan kowane shafi. A rubuta w, shi ke nan. Dauda ma da waw yake, kunnenmu ya san shi.

Na biyu shi ne het (ח), kuma nan ne tsarin ya fi rauni, domin ya ba da zaɓi tsakanin h da kh, duka biyun kuma tarko ne. Da h zai haɗu da he (ה): hillel, "ya yaba", da ḥillel, "ya ƙazantar", sai su zama kalma ɗaya a takarda. Da kh kuma masu karatu sukan rabu biyu kamar yadda suke yi da sunan Khadija, wasu su ce h wasu su ce k, kuma masu k sun shiga gonar kaf. Akwai wata matsalar da ba a gani sai an ji ta. Sunan Ishaku da h yana fitowa Yitshaq, idon Bahaushe kuwa sh yake fara kamawa, ya karanta "Yit-shak", ya ƙirƙiri shin a inda babu. Maganin shi ne a aro ḥ mai ɗigo daga tsarin masana, a faɗa wa mai karatu sau ɗaya cewa wannan ha ce ta Muhammadu da rahama, ح ta Larabci. Wanda ya yi makarantar allo ba ya buƙatar ƙari. Wanda bai yi ba zai ce h, amma aƙalla ɗigon ya hana s da h mannewa.

Na uku riba ce da Turanci ba shi da ita. SBL yana rubuta ƙof da q, harafin da babu shi a bokon Hausa. A sa ƙ. Kol, "duka", da ƙol, "murya", sai su rabu a baki ba tare da an koyar da komai ba, alhali mai Ibranancin zamani k yake furta duka biyun. Dama haka Hausa ta karɓi ق ta Larabci a alƙali da alƙalami. Ts na tsade ma ya faɗo daidai, ba sai an taɓa shi ba. Bakane da Bakatsine ba za su furta shi iri ɗaya ba, amma a bakin kowannensu ba ya haɗuwa da s. Masana da yawa suna ganin tsohon furucin waɗannan haruffa ma mai tsinke iska a maƙogwaro ne, irin na ƙ da ts ɗinmu.

Wannan nasarar takan ja mutum ya ce to tet ma a sa masa ɗ, tunda ط ta zama ɗ a ɗalibi da sharaɗi. Ban yarda ba. Ɗ tana kusa da d a kunne, tov zai koma "ɗob", wanda duk mai jin Ibrananci zai ɗauka dov ne, sunan wata dabbar daji. Gara t, a haƙura da haɗuwarsa da taw, kamar yadda samek da sin suka haɗu a s.

Gyara na huɗu na ruɓanya baƙi ne. SBL yana ninka baƙin da ke da ɗigon ƙarfi a cikinsa, amma ya keɓe sh da ts. Bahaushen da ke bambanta daba da dabba ba ya buƙatar wannan rangwame, kuma muna da ƙa'idarmu ta ninka harafin farko kawai, kamar a tsattsauran. Don haka hasshamayim, ba hashamayim ba.

Ga ayar bayan gyara: bereshit bara elohim et hasshamayim we'et ha'arets. Alamar hamza a tsakiyar kalma ta yi aikinta kamar a sa'a, a farkon kalma kuma an bar ta, domin Bahaushe da kansa yake sa ta kafin wasali. Abin da zai lalace a nan ƙarshen kalmomi ne: za a ji "eti" da "aretsi", saboda harshenmu yana son rufe kalma da wasali. Rubutu ba ya maganin wannan, sai maimaitawa da baki.

Ayin ne ya rage ba gyara mai gamsarwa. Or na "haske" da alef yake, or na "fata" da ayin, kuma hamza ɗaya muke da ita. Ina rubuta ta a farkon kalma idan ayin ne kawai, 'or, don ido ya gane ko da baki bai bambanta ba. A kula kuma idan y ta biyo baya: ra'yati, "ƙaunatacciyata" a Waƙar Waƙoƙi, za a karanta ta da 'y ta 'ya'ya. A raba da ɗan layi, ra'-yati.

Wajen bugawa, salon haruffan kwamfuta na Charis SIL da Gentium suna ɗauke da ƙ da ḥ duka. A shigar da ḥ a matsayin harafi guda, mai lambar Unicode U+1E25. Idan aka haɗa h da ɗigo daban, wasu manhajojin sukan gusar da ɗigon gefe, kuma binciken kalma a cikin fayil yana iya tsallake ta.