Doguwar gaisuwa ko gajera ga Alhaji?

Matasa 'yan kasuwa a Garwa suna yawan tambayata: in za ka tura wa dattijo saƙon ciniki, wace gaisuwa za ka sa?

Doguwa tana bin lafiya, iyali, gajiya, kasuwa, har sanyin hunturu. Tana nuna tarbiyya. Amma na taɓa ganin farashin buhun albasa ya nutse a layi na takwas, Alhaji ya amsa gaisuwar kawai, motar Kuseri ta tashi ba kayan.

Gajera kuwa: "Assalamu alaikum Baba Alhaji, barka da asuba, da fatan an tashi lafiya." Sai magana. Haɗarinta, wanda bai san ka ba zai ga gaggawa, musamman in ka ce "kai" maimakon "ku".

Saƙon farko, ko bayan rasuwa ko salla, doguwa ta dace. Wanda kuke ciniki kullum, gajera ta wadatar.