Jimlolin haɗari a harshen Tai: a fassara ko a ɗauko da lamba?

"An ba ni takardar bayanan kariya ta sinadarin asiton in mayar da ita harshen Tai. Jimlolin haɗarin nan masu lambar H, in bar mai fassara ya fassara su kamar sauran rubutun, ko in nemo wasu shiryayyu?"

Ka nemo shiryayyu. Ga yadda hanyoyin biyu suke idan aka jera su.

Idan mai fassara ya bi jimlar Turanci, aikin zai yi sauri, Tai ɗin ma zai yi daɗin karatu. Matsalar ita ce jimla ɗaya takan fito a sashe na 2, ta sake fitowa a sashe na 16, sannan a jikin gwangwani, kuma da wuya hannu ya maimaita ta daidai sau uku. Dubi waɗannan biyun:

H225 ของเหลวและไอระเหยไวไฟสูง
H226 ของเหลวและไอระเหยไวไฟ

Kalma ɗaya ce ta raba su, สูง a ƙarshe, wato mai yawa, amma matakin haɗarin ya bambanta. H225 na ruwan da tururinsa ke kama wuta a ƙasa da digiri 23 ne, kuma yana tafiya da kalmar gargaɗi อันตราย, wato haɗari. H226 na digiri 23 zuwa 60 ne, da ระวัง, wato hattara. Asiton yana cikin na farko, don tururinsa yana kamawa ko da sanyi ya kai ƙasa da sifili. Idan kalmar สูง ta faɗi, an rage wa ma'aikacin sito girman haɗarin da ke gabansa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗaukowa da lamba ya fi cin lokaci a farko. Za ka yi jadawali, kowace lamba da jimlarta ta Tai kamar yadda take a sanarwar Ma'aikatar Masana'antu ta Tailan ta 2012, ka hana kowa taɓa ta. Mai fassara sai ya ji da sauran sassan. Wajen dubawa, ka gwada cikakkiyar jimla da cikakkiyar jimla, domin rubutun Tai ba ya barin fili tsakanin kalmomi, kuma jimlar H226 tana kwance cikin ta H225. Binciken kwamfuta zai nuna maka ta samu alhali wata ce daban.

Inda wannan hanya take gazawa shi ne abin da babu shi a jadawalin. Sanarwar ta ginu ne a kan bugu na 3, na 2009, na GHS, tsarin duniya na rarraba haɗarin sinadarai da yi musu lakabi, don haka lambar da ta zo daga baya, kamar H229 ta gwangwanin feshi, ba za ka same ta ba. Takardar asiton daga Turai kuma za ta zo da EUH066, kan bushewar fata da tsagewarta, wadda ta tsarin Tarayyar Turai ce, ba ta GHS ba. Irin wannan a fassara ta sau ɗaya da hannu, masanin sinadarai ɗan Tailan ya duba, a sa ta a matsayin ƙarin bayani, a kuma shigar da ita jadawalin don takarda ta gaba.