Saro Kaɗan-kaɗan ko Saro Mai Yawa: Abin da Lissafin EOQ Zai Faɗa Maka da Abin da Ba Zai Faɗa Ba

Duk mai shagon kayan masarufi da ke saro daga nesa ya san wannan zullumi. Idan ya saro kaɗan, kullum yana kan hanya, kuɗin mota na cin ribarsa. Idan ya saro da yawa, jarinsa ya kwanta a sito, ga ɓera, ga danshi, ga wasu kayan da suka ƙare babu kuɗin sayo su. A shekarar 1913 wani Ba'amurke mai suna Ford W. Harris ya fitar da lissafin da zai raba wannan gardama, sannan R. H. Wilson ya ƙara yaɗa shi a 1934. Shi ne ake kira EOQ, wato adadin saro mafi sauƙin ɗawainiya. Ina ganin ya kamata kowane ɗan kasuwa ya iya shi, amma ba na son kowa ya ɗora jarinsa a kansa ido rufe.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman na misali ne, kowa ya sa na shagonsa. A ce mai shago ne a Haɗeja, yana saro taliya daga Kasuwar Singa a Kano. Yana sayar da katan 200 a wata, wato 2,400 a shekara, kowane katan yana saro shi naira 15,000. Duk zuwa Kano yana cin masa naira 30,000: kuɗin motarsa zuwa da dawowa, abinci, da cinikin da ya kuɓuce ranar da ba ya shago. A lura, kuɗin dako da kuɗin mota da ake biya bisa kowane katan ba sa cikin wannan 30,000 ɗin. Su ɓangare ne na farashin kaya, domin ko sau nawa ka je, katan 2,400 ɗin nan sai ka biya musu. Mutane da yawa a nan suke fara kuskure, su cusa komai cikin kuɗin tafiya, sai lissafi ya ce musu su saro fiye da kima.

Bayan cinikin shekara da kuɗin tafiya, abu na uku shi ne kuɗin ajiya, kuma shi ya fi wuyar ganewa tunda ba wanda zai ba ka rasit ɗinsa. Ya haɗa da hayar sito, da abin da ke lalacewa, da ribar da kuɗin zai kawo da an juya shi a wasu kayan maimakon ya kwanta. A ce duka sun kai kashi 24 cikin 100 na farashi a shekara, wato naira 3,600 ga kowane katan da ya shekara a sito. Ga lissafin:

```
Q = √(2 × D × S ÷ H)
Q = √(2 × 2400 × 30000 ÷ 3600) = 200
```

Q shi ne adadin katan da za a saro a tafiya ɗaya, D katan ɗin da ake sayarwa a shekara, S kuɗin tafiya ɗaya, H kuɗin ajiyar katan ɗaya a shekara. Amsa ita ce katan 200, wato zuwa Kano sau ɗaya a wata. Tafiya 12 za ta ci naira 360,000. Sito kuwa yana farawa da 200 ya ƙare babu komai, matsakaicinsa katan 100 ke nan, ajiyarsu naira 360,000. Jimilla 720,000 a shekara. Ba dace ba ne ya sa kuɗin biyu suka zo daidai. Haka lissafin yake: inda kuɗin tafiya ya yi kunnen doki da kuɗin ajiya, nan ne mafi araha. Wannan ma hanya ce ta auna kanka ba tare da na'ura ba. Idan kuɗin tafiye-tafiyenka ya ninka na ajiya, saron da kake yi ya yi kaɗan.

To, yanzu mu gwada shi da sauran zaɓin da ke gaban mai shagon. Idan ya zaɓi katan 100 sau biyu a wata, tafiya 24 za ta ci 720,000, ajiya 180,000, jimilla 900,000. Idan ya zaɓi 400 duk wata biyu, nan ma 900,000 ne, sai dai ajiya ce ta ɗauki kaso mai tsoka. Amma dubi na kusa: katan 150 zai ci 750,000, katan 300 kuma 780,000. Wato ko ka ƙara rabi a kan abin da lissafi ya ce, ɗawainiyarka kashi 8 cikin 100 kawai za ta ƙaru. A wurina wannan ne darasi mafi amfani a cikin lissafin gaba ɗaya. Idan motar da kake haɗa kaya a ciki tana ɗaukar 240 ne, ko kuɗin hannunka na 170 ne, kada ka damu. Ninkawa ko rabawa biyu ne ke ciwo.

Lissafin ya tsaya ne a kan wasu sharuɗɗa da Harris ya ɗauka don masana'anta. Ya ɗauka ciniki yana tafiya daidai wa daida kowace rana, farashi ba ya motsi, ko nawa ka saya farashin katan ba ya sauyawa, kaya suna isowa gaba ɗaya a ranar da aka sa, kuma kaya iri ɗaya tak kake saye. Duk wanda ya taɓa saro ya san babu ɗaya daga ciki da ke tsayawa cak a kasuwa. Tambayar ita ce wanne ne karyewarsa ke sauya shawara.

Na farko shi ne rangwame. A ce dila ya ce maka, "Alhaji, in za ka ɗauki 500 zan rage maka 300 a katan." Lissafin bai san da wannan ba, dole ka yi da hannu. Ragin naira 300 a katan 2,400 ya kai 720,000 a shekara. Tafiya ta ragu zuwa kusan biyar, kuɗinta 144,000. Ajiya kuwa ta haura zuwa 882,000, tunda matsakaicin sito ya koma katan 250. Ɗawainiya ta zama 1,026,000, ƙarin 306,000 ke nan a kan na da. Cire shi daga 720,000, ka tsira da 414,000. A nan dila ya fi lissafi gaskiya. Amma da naira 100 ya rage, abin da za ka samu 240,000 ne, ƙarin ɗawainiya kuma 318,000, ka faɗi 78,000 alhali kana ganin ka yi sayen arziki. A wannan misali iyakar tana wajen naira 130 a katan. Duk ragin da bai kai haka ba, ka yi godiya ka ɗauki 200 ɗinka.

Kuma ko ragin ya kai, sai ka leƙa aljihu. Katan 500 naira miliyan 7 da dubu 350 ne, na 200 kuwa miliyan 3. Lissafin ya ɗauka kuɗi na nan ko da yaushe. Idan cike wannan giɓi zai sa ka rasa na sukari da man girki, mai saye ya zo sau biyu bai samu ba ya koma maƙwabta, asarar ta fi ragin. Wannan ba ya cikin kowane harafi na lissafin. Haka kuma kayan da ke da ranar lalacewa: katan 500 cinikin wata biyu da rabi ne, taliya za ta jure, amma lemon kwalba ko madarar yara da ranarta ta matso ba za su yafe maka ba. Ka duba kwanan wata a jikin katan kafin ka yi murna da ragi, don sau da yawa dalilin ragin yana rubuce a wurin.

Na biyu, wanda nake ganin ya fi shafar masu shago, shi ne cewa ba wanda ke zuwa Singa don taliya kaɗai. Tafiya ɗaya ake sayo sukari, sabulu, madara, mai. Idan ka ɗora wa kowane kaya 30,000 ɗin gaba ɗaya, lissafi zai sa ka cika sito da komai. Gyaran shi ne a lissafa da naira, ba da katan ba. A ce duk saron shagon a shekara naira miliyan 144 ne, taliya rubu'insa. Sa miliyan 144 a matsayin D, 30,000 a matsayin S, da 0.24 a matsayin H, amsa za ta fito naira miliyan 6 a kowace tafiya, wato sau 24 a shekara. Kason taliya a ciki katan 100 ne sau biyu a wata. Ka ga zaɓin da muka ce ya fi tsada ɗazu ya dawo shi ne daidai, don kawai an raba kuɗin tafiya tsakanin kaya. Haka nan in ka samu amintaccen dila da za ka kira ta waya, ka tura kuɗi, ya sa maka a mota, kuɗin tafiya ya faɗi ƙasa warwas, saro kaɗan-kaɗan ya ƙara kyau.

Sai motsin farashi. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni na wannan shekarar, hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. A irin wannan yanayi katan da ke kwance a sito ƙara daraja yake yi, tashin farashi yana cinye kuɗin ajiya, wanda ya saro da yawa shi ya ci riba. Amma a 2025 farashin masara da shinkafa ya sauko, waɗanda suka tara da tsada suka sayar da faɗuwa. Lissafin bai hango ko ɗaya ba. Shawarata ita ce in za ka ƙara saro saboda kana tsammanin tashin farashi, ka raba shi a littafinka: wannan na cinikin yau da kullum ne, wannan kuma na hasashe ne, kuma kada na hasashen ya wuce abin da za ka iya jure asararsa.

Batun ciniki daidai wa daida kuwa, azumi kaɗai ya isa ya rusa shi. Sukari da madara da mai suna tashi a watan Ramadan, kuma watan yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka littafin Maris na bara ba zai gaya maka Maris na bana ba. Ka yi lissafi biyu, ɗaya na watannin da aka saba, ɗaya na azumi da sallah.

Akwai tambayar da lissafin bai taɓa amsawa ba: yaushe za a saro? Mai shagonmu yana sayar da kusan katan 7 a rana. Idan kaya na ɗaukar kwana uku kafin su iso, katan 21 za su fita yana jira. Mota na iya lalacewa, dila na iya cewa kamfani bai sauke ba. Don haka ya ƙara na kwana uku ko huɗu a kai, ya ja layi a bangon sito daidai tsayin tulin katan 45. Ranar da tulin ya sauka ƙasan layin, ranar zai kira Kano.

Ga wanda ke sayar da kaya iri ɗaya ko biyu masu tafiya kullum, kamar siminti ko gishiri, ya bi lissafin kai tsaye, ya sabunta alƙalumansa duk lokacin da kuɗin mota ya sauya. Mai shago mai kaya iri-iri ya tsayar da ranar saro, ya fitar da tazararta daga jimillar kuɗin saronsa. Mai ƙaramin jari ya tsaya ƙasa da abin da lissafi ya ce, tunda mun ga katan 150 naira 30,000 kacal ya ɗara na 200 a shekara, alhali yana sakar masa naira 750,000 a kowane saro da zai juya a wasu kayan.