Sharhi kan fom ɗin taƙaita bayanan zaman ma'aikata zuwa shafi ɗaya

Fom ɗin da nake wannan sharhi a kansa fayil ne da ake buɗewa a Microsoft Word ko Google Docs, an tsara shi a kan takarda A4 guda ɗaya, mai faɗin milimita 210 da tsawon milimita 297, domin a riƙa juya bayanan zaman ma'aikata na mako-mako zuwa rahoton da ba ya wuce shafi ɗaya. Mun jima muna amfani da shi a ƙaramin kamfaninmu na sarin kayan rubutu, inda mu takwas muke zama kowace Litinin da safe na kusan minti arba'in. Hukuncina shi ne fom ɗin ya cancanci a yi aiki da shi, amma ba yadda ya zo ba, domin akwai layi ɗaya da wanda ya tsara shi bai saka ba, kuma rashin wannan layin yana iya mayar da rahoto mai kyau abin da ba a gane kansa bayan 'yan watanni.

A saman shafin akwai wurin kwanan wata, da sunayen waɗanda suka halarta da waɗanda ba su samu zuwa ba, da wanda ya jagoranci zama da wanda ya rubuta. Ƙarƙashinsa akwai ɗan jadawali na ayyukan makon jiya, inda ake nuna ko an gama, ko ana kai, ko ba a fara ba. Sai layuka biyar na shawarwarin da aka yanke, sannan babban jadawali mai layi takwas da gida uku, wato aikin da za a yi, da wanda ya ɗauki nauyinsa, da ranar kammalawa. A can ƙasa an bar layi uku na batutuwan da aka ɗage zuwa wani zama. Babu wurin rubuta tattaunawa ko kaɗan, kuma da gangan aka yi haka. Shafin A4 da aka cika da zallar rubutu mai girman 12 yana ɗaukar kalmomi wajen 500, amma da zarar an shigar da jadawali da kanun bayanai, abin da ya rage bai fi rabin haka da ɗan ɗoriya ba, saboda haka dole marubuci ya zaɓi abin da zai shiga.

Wannan matsin shi ne babban amfanin fom ɗin. Bayanan da ake ɗauka a lokacin zama suna bin jerin yadda aka yi magana ne: wane ya ce, wance ta amsa, aka koma wani batu, aka dawo. Wanda ya buɗe rahoto ranar Laraba kuwa ba tarihin magana yake nema ba, so yake ya san me aka tsayar da kuma me ke kansa. Fom ɗin yana tilasta wa marubuci ya bi bayanansa jimla bayan jimla yana tambaya, shin wannan hukunci ne, ko aiki ne, ko batu ne da ba a gama ba? Duk jimlar da ba ta faɗa ɗaya daga cikin ukun ba, ba ta da gurbi. Ni nakan yi wannan tantancewa da biro a gefen littafi tun ana cikin zama, in sa H a gaban hukunci, A a gaban aiki, Ɗ a gaban abin da aka ɗage, ta yadda cika fom ɗin bayan an tashi ba ya wuce kwata ɗin awa.

Ga yadda abin ya kasance a kan batu ɗaya, a zamanmu na Litinin 10 ga Maris. Takardar A4 ta ƙare a sito makon da ya gabata, har aka mayar da masu saye biyu hannu rabbana, kuma maganar ta ci fiye da rabin lokacin zaman. Bayanan hannu sun cika shafi guda da rabi. A ciki akwai kukan mai kula da sayarwa cewa ba a sanar da shi kayan sun yi ƙasa ba, da amsar mai kula da sito cewa ta faɗa da baki tun ranar Talata, da bayanin akanta cewa dila yana ɗaukar kwana huɗu na aiki kafin ya kawo kaya, da shawarar direba cewa a nemi wani dilan na biyu, da doguwar muhawara kan ko a riƙa sayen kaya da yawa lokaci guda alhali siton ba shi da fili. A tsakiyar wannan duka aka yi lissafi: muna sayar da kusan katan 5 a rana, dila yana ɗaukar kwana 4, wato katan 20 za su fita kafin sabon kaya ya iso, aka ƙara katan 10 saboda ranakun da ciniki ya yi yawa ko mota ta makara, ya zama 30.

Da aka zo fom, shafi da rabin nan ya koma layi huɗu. A gidan hukunci aka rubuta cewa daga yau za a aika odar takardar A4 da zarar abin da ke sito ya sauko katan 30. A jadawalin ayyuka aka rubuta cewa mai kula da sito za ta ƙirga katan kowace Alhamis ta aika adadin a rubuce, farawa daga 13 ga Maris, sannan akanta zai nemo farashi da lokacin kawo kaya daga wasu diloli biyu kafin zaman 17 ga Maris. Maganar sayen kaya da yawa lokaci guda ta sauka a gidan abin da aka ɗage. Musun wa ya faɗa, wa bai ji ba, bai shiga ba, kuma ina ganin hakan daidai ne, domin an riga an magance shi da sharaɗin aika adadi a rubuce, rubuta shi kuwa ba abin da zai ƙara sai ajiye laifin mutum a fayil.

Ana gane fom ɗin ya yi aikinsa ta gida na biyu da na uku na jadawalin ayyuka. Gidan mai ɗaukar nauyi ƙanƙani ne, suna ɗaya kawai yake ci, kuma wannan ya hana mu rubuta "kowa da kowa" ko "sashen sito", waɗanda a aikace ma'anarsu babu kowa. Gidan rana ma adadi yake nema, ba ya karɓar "nan ba da jimawa ba". Idan marubuci ya zo cikawa ya rasa sunan da zai saka, to alama ce an tashi zama ba tare da an ɗora wa kowa aikin ba, sai ya koma wurin shugaban zama a ranar, kafin a rarraba rahoton. Haka nan jadawalin makon jiya yana tona aikin da ya maƙale: idan layi ɗaya ya fito mako uku a jere da "ana kai", galibi ko dai aikin ya yi girma yana bukatar a rarraba shi ƙanana, ko kuma wanda aka ba shi ba shi da ikon zartar da shi, misali an ce ya sayo abu amma ba shi ke sa hannu a fitar da kuɗi ba.

Inda fom ɗin ya gaza shi ne bai bar wurin dalili ba. A koma kan katan 30. Adadin ya dogara ne kan abu biyu, yawan abin da ake sayarwa a rana da kwanakin da dila ke ɗauka, kuma dukansu suna canzawa. Idan aka samu dila mai kawowa cikin kwana 2, lissafin ya koma katan 10 da ƙarin 10, wato 20, ci gaba da riƙe 30 kuwa ɗaure kuɗi ne da cinye filin sito a banza. Idan ciniki ya ƙaru zuwa katan 8 a rana da tsohon dila, 32 za su fita kafin kaya su iso, 30 ɗin ba za ta isa ba ko da ba a ƙara komai ba. Rahoton da ya ce 30 kawai ba ya gaya wa sabon ma'aikaci, ko ma mu da muka yanke hukuncin, yaushe ya kamata a sake duba shi. Gyaran da na yi shi ne na rage layukan hukunci daga biyar zuwa huɗu, na buɗe wa kowanne ɗan layi a ƙarƙashi mai farawa da "Dalili", da sharaɗin kada ya wuce jimla ɗaya. A wannan batu jimlar ita ce katan 5 a rana sau kwana 4, da ƙarin 10. A wannan layin ne kuma muke nuna idan wani bai amince ba kuma ya nemi a rubuta, domin fom ɗin yadda ya zo yana sa kowane hukunci ya yi kama da wanda baki ya zo ɗaya a kansa.

Wata matsalar ƙarama ce amma tana ɓata aiki. Jadawalin ba a kulle tsayin layukansa ba, saboda haka idan jimla ta yi tsawo sai layin ya buɗe ya tura gidan ƙasa zuwa shafi na biyu, marubuci kuma ya fara rage girman rubutu zuwa 9 ko 8 don ya cusa komai. Rahoton da aka matse haka shafi biyu ne a fakaice, kuma yana wahalar karantawa a waya, inda yawancin ma'aikata ke buɗe shi. Mun tsayar da girman rubutu a 11, idan bai shiga ba a rage kalmomi. Muna fitar da shi a matsayin PDF kafin a tashi aiki ranar zaman, da suna mai farawa da shekara, wata, rana bisa tsarin ISO 8601, kamar `2025-03-10`, domin fayilolin su jeru da kansu bisa kwanan wata.

Akwai abubuwan da bai kamata a ɗora wa wannan shafi ba. Maganar albashi, ladabtarwa ko rashin lafiyar ma'aikaci ba ta shiga takardar da mutum takwas za su karanta, wurinta fayil ɗin ma'aikacin ne. Haka kuma ba ya maye gurbin cikakken rahoton zaman daraktoci ko na masu hannun jari, wanda dokar kamfanoni a ƙasashe da yawa ta wajabta a rubuta a adana. Littafin bayanan hannu ma ba ma jefar da shi, muna ajiye shi na wata uku, domin wani lokaci akan bukaci adadin da aka ambata a zama wanda bai kai matsayin hukunci ba. Ga kamfanin da ma'aikatansa ba su wuce goma sha biyu ba, layi takwas na ayyuka sun wadatar, amma idan zama yana haifar da ayyuka goma sha biyar a kai a kai, fom ɗin ba zai ɗauka ba, kuma abin da ya fi shi ne kowane sashe ya yi nasa zaman da nasa shafin.