Katin 8GB da Ray Tracing: daɗi na minti ashirin

Wata biyu ke nan da na saka wannan matsakaicin katin zana hoto mai ma'adanar 8GB a kwamfutata, kuma don Ray Tracing kawai na saye shi, wato fasahar da ke bin sawun haske don inuwa da ɗaukar hoto su fito kamar na gaske. Allona 1440p ne. A daren farko na shiga wani wasa mai birni da ruwan sama, na ɗaga komai zuwa Ultra. Kai, abin sai wanda ya gani! Fitilun titi kwance cikin kududdufi, kuma ko na sunkuyar da kyamara ba sa ɓacewa kamar yadda suke yi a SSR, dabarar da aka saba amfani da ita, wanda abin da ke kan allo kaɗai yake iya maimaitawa. Sai na duba kusurwa, FPS 28, wato hotuna 28 a daƙiƙa. Da ma sama da 70 nake samu.

DLSS ne ya fitar da ni kunya. A kan Quality, katin yana zana hoton a 1707x960 ne sannan a faɗaɗa shi, wato aikin bai kai rabin na da ba. Na kashe Ray Tracing na inuwa, don in kana gudu ba ka ma lura da ita, na bar na ɗaukar hoto a ruwa da gilashi. Na kai 60. Har na fara yi wa abokai tallar katin.

Ashe da sauran rina a kaba. Duk lokacin da na yi kamar minti ashirin ina wasa, sai hoton ya fara tsinkewa, musamman in na sha kwana da mota. Lambar FPS tana nan wajen 57, amma hannuna yana jin ƙarya take. Na zargi zafi, na buɗe akwatin na kakkaɓe ƙura, a banza. Kwana uku ina wannan haukan kafin na kunna jadawalin Frametime, wato lokacin da kowane hoto ke ci, a manhajar MSI Afterburner. A FPS 60 ya kamata kowane hoto ya ci 16.7 ms, layi miƙaƙƙe. Nawa yana tafiya lafiya, sai ya yi tsalle ya wuce 90 ms. Ma'adanar katin kuma ta tsaya a 7.9GB. Ray Tracing yana ajiye taswirar siffofin duk abin da ke wurin a cikinta, idan ta cika sai a riƙa kwasowa daga RAM na kwamfuta, kuma hanyar can ta fi jinkiri nesa ba kusa ba.

Na sauke Texture daga High zuwa Medium, tsallen ya ɓace ɗif. To amma yanzu in na matsa kusa da bango, rubutun jikinsa kamar an shafa masa mai. Kududdufi tas, bango dishi-dishi. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙarfin katin ya isa, wurin ajiya ne aka yi masa rowa. Da na sani da na haƙura na tara na ɗauki mai 12GB.