Cike Gurbi da Neman Kalma: Wanne Ya Fi Jure Hoton Waya?

"Na ɗauki hoton shafin wasa ƙwaƙwalwa a wata mujalla, akwai na cike gurbi da na neman kalma. A na farko amsata ta ƙi shiga gurabe, a na biyu kuma layuka sai guje mini suke. Laifin hoto ne ko nawa? Wanne ya fi yiwuwa a waya?"

Malam Bala, na biyun laifin hoto ne kusan ko da yaushe. Na farkon kuwa sai mun bincika, domin wasan cike gurbi yana da hanyar tona asirin kuskure da kansa.

A cike gurbi, abin da kake buƙata daga hoton kaɗan ne: ina baƙin gurbi yake, ina fari, sai ƙananan lambobin da ke kusurwa. Haruffan daga kanka za su fito. Ko haske ya ƙona wani gefe na shafin, sau da yawa ana iya ceto shi. A tsarin da jaridun Amurka da Birtaniya suka fi bi, in ka juya allon ƙasa ta koma sama, baƙaƙen gurabe suna faɗawa daidai inda suke. Allo mai gurbi 15 a kwance da 15 a tsaye, in layi na 2 gurbi na 4 baƙi ne, to layi na 14 gurbi na 12 ma baƙi ne. Cire kowace lamba daga 16 kawai za ka yi. Lambobin ma ba a zuba su barkatai. Daga hagu zuwa dama ake bi, layi bayan layi, duk gurbin da kalma ta fara a kansa ya samu lamba ta gaba. Saboda haka lambar da ta dushe tsakanin 7 da 9 ba ta buƙatar duba.

Yanzu ga batun amsar da ta ƙi shiga. Mu ce tambayar ita ce "wani mai fukafukai", gurabe bakwai a kwance. Tsuntsu bakwai ne, hankaka bakwai, kurciya ma bakwai. Tsawo kaɗai bai raba gardama ba. Sai ka duba kalmar da ta sauka a tsaye daga gurbi na uku: "maganin ƙishirwa", gurabe huɗu. Ruwa ke nan, harafin farko R. Na uku a tsuntsu U ne, a hankaka N, a kurciya R. Magana ta ƙare. In kuwa ka tabbata da amsarka amma ta wuce guraben da harafi ɗaya ko biyu, duba ko akwai sh ko ts a cikinta. Mai tsara wasan yana iya cusa su a gurbi guda, sai tsuntsu ya koma biyar. Ba sabon abu ba ne, masu yi da Holanci haka suka saba yi wa IJ. Amsa ɗaya da ka tabbatar za ta nuna maka ƙa'idar da ya bi a dukan allon. Sai in duk wannan bai yi ba za ka zargi hoto, ka sake ƙirga guraben kana taɓa kowanne, musamman kusa da tsakiyar mujalla inda takarda ke lanƙwasa ta haɗiye gurbi sukutum.

Neman kalma ba shi da wannan gata. Duk wasan yana cikin haruffan da aka buga, wanda ya ɓace ya ɓace, babu maƙwabcin da zai ba da shaida a kansa. Kalma tana iya kwanciya ta fuska takwas, har da baya-baya da karkace, kuma na karkacen ne ke fara lalacewa in ka riƙe wayar a gicciye: kana bin layi, a harafi na huɗu ka zame zuwa na kusa ba ka sani ba. Ga ƙugiyar Ƙ da Ɗ da Ɓ, da zarar an matse hoto wajen turawa sai su koma K da D da B. Sau ɗaya na ɓata rabin awa ina farautar "ƙasa", ashe tana gabana sanye da rigar "kasa".

Ni dai in hoto ne kawai a hannuna, cike gurbi nake ɗauka, in kwafe allon a takarda mai layin murabba'i in yi da fensir, don rubutu da yatsa a kan gurbi ƙarami wahala ce. Neman kalma kuwa a wayar ya fi daɗi, ja layi kawai kake yi, amma sai hoton ya fito tas. Shimfiɗa shafin, danne gefensa da littafi, kashe fitilar kyamara, ka tsaya daidai samansa har gefen allon ya yi daidai da gefen fuskar waya. In za ka turo mana, turo shi a matsayin fayil, kuma ka haɗa da jerin kalmomin da ke ƙasan shafin.