Taransifomar sabuwar unguwa: mai kVA 300, mai 500, ko ƙanana biyu?

Mu ɗauki unguwa mai gida 60, kowane gida idan ya kunna firji, famfon rijiyar burtsatse, dutsen guga da na'urar sanyaya ɗaki yana jan kilowat 6. Jimilla 360. Wanda ya kai wa dillali wannan adadin zai sayi abin da ya fi buƙatarsa, domin gidaje 60 ba sa kai ƙololuwar lodinsu a minti ɗaya. Wani na guga, maƙwabcinsa na kasuwa.

Wannan saɓanin lokaci shi injiniyoyi ke kira dayibasiti fakto: jimillar ƙololuwar kowane gida, a raba da ƙololuwar unguwar gaba ɗaya. Ce an ba ka 2, lodi ya dawo kilowat 180. Ni dai ba na yarda da 2 a inda wuta ke yini ba ta zo ba. Da an kawo ta, yara sun yi ihu, kowa sai ya ruga ya kunna famfo, a jona guga, firjin da suka narke su tashi tare. Saɓanin ya gudu ke nan. Na fi natsuwa da 1.5, wato kilowat 240. Da yake da kVA ake auna girman taransifoma, ba kilowat ba, sai a raba da fawa fakto, wato kason kVA da ke zama kilowat na ainihin aiki; a ce 0.85 ne, an samu kVA 282.

To, mai 300 ta isa? A takarda ta isa, amma tun ranar farko tana ɗauke da kashi 94 cikin ɗari, ga filaye ba a gama ginawa ba.

Sai lod fakto, wato matsakaicin lodi a raba da ƙololuwa. Idan unguwar na shan yunit 2,300 a awa 24, matsakaicinta kilowat 96 ne, a raba da 240, ya ba da 0.4. Ma'ana nauyin na 'yan awoyi ne bayan magariba, sauran lokaci man taransifoma na hucewa, don haka tana jure cikar ɗan lokaci. Amma a Afrilu, da na'urorin sanyi ke kwana a kunne, lod fakton na hawa, man ba ya samun hutu, zafi ya riƙa cin takardar da ke naɗe da wayoyin ciki.

Mai 500 za ta zauna a kashi 56. Akwai sarari, sai dai ƙarfenta na cin wuta muddin tana jone, ko da kowa na barci. Guda biyu masu 200 sun fi tsada, ga ninkin fis da wurin girkawa, amma idan unguwar doguwa ce su zan zaɓa: waya ta gajarta, gidan ƙarshe ba zai ga fanka na jan ƙafa ba, kuma in ɗaya ta ƙone rabin unguwa na da haske.

Kowacce aka saya, a auna amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, a kowanne daga layuka ukun da ke fita daga cikinta da ƙarfe takwas na dare. Mai 300 iyakarta kusan amfiya 417 ne a kowane layi, mai 200 kuma 278. Layi ɗaya na iya wuce iyaka alhali jimillar na nuna lafiya lau.